Yadda ake lissafin makin Elo bayan kowane wasa, da yadda za ka zaɓi K a ƙaramar gasa

A majalisarmu da ke wajen Mabera, nan cikin garin Sakkwato, mu goma sha biyu ne muke buga dara bayan La'asar a gindin dogon yaro, kuma ni aka ɗora wa riƙon littafin sakamako. Da farko ƙirga ci kawai nake yi: wane ya ci sau nawa, an ci shi sau nawa. Sai wata rana wani dattijo cikinmu, tela ne da ya fi kowa daɗewa a kan gurbi, ya leƙa littafin ya ce mini, "Ɗana, wanga lissafi naka bai yi ba. Wanda ya ci yara sau goma, da wanda ya ci ni sau biyar, wa ya fi?" Na ce, "Baba, gaskiyarka." Ƙirga ci ba ya duba wanda aka ci. Wannan giɓin ne tsarin Elo yake cikewa.

Sunan na mutum ne, Arpad Elo, haifaffen ƙasar Hungary da ya koyar da ilimin fiziks a Jami'ar Marquette ta Amurka. Hukumar wasan ches ta Amurka ta fara aiki da tsarinsa a 1960, hukumar ches ta duniya, FIDE, ta karɓe shi a 1970, ita ma FIFA ta koma kan irinsa wajen jera ƙasashe a 2018. Ni da dara zan yi bayani, amma lissafin ɗaya ne ko ƙwallon tebur kuke yi, ko ƙwallon ƙafa tsakanin unguwanni, muddin dai ɓangare biyu ne ke karawa a tashi da ci, ko faɗuwa, ko canjaras.

Kafin wasan farko

Ba kowane ɗan wasa maki iri ɗaya na farawa. Mu 1500 muka ɗauka. Lambar ba ta da wani sirri, da 1000 kuka ɗauka ma babu abin da zai canza, domin tazarar da ke tsakanin mutum biyu kaɗai lissafin yake kallo. Sai ka rubuta jimillar makin kowa a bangon littafin. A wurinmu 12 sau 1500, wato 18,000. Za ka ga amfanin wannan lamba can gaba.

Kowane wasa layi ɗaya ne a littafi: kwanan wata, sunayen mutum biyun, makin kowannensu kafin a fara, sakamako, sannan sabon maki. Ka bi jerin yadda aka buga wasannin, kada ka tsallake na Talata ka shigar da na Alhamis, saboda makin da mutum ya fito da shi daga wasa ɗaya shi yake shiga na gaba da shi.

Mataki na farko: me ake tsammani?

Kafin a zuba 'ya'ya a gurbi, lissafin yana tambaya: bisa makin waɗannan biyun, wane rabo ake sa ran kowa zai samu? Amsar lamba ce tsakanin 0 da 1. Ga yadda ake fitar da ita, inda Ra makin mutumin da kake lissafa wa ne, Rb kuma na abokin karawarsa:

```
E = 1 / (1 + 10^((Rb - Ra) / 400))
```

Kada ta ba ka tsoro, kalkuletar wayarka za ta yi ta. Mu ɗauka bayan an yi 'yan watanni tela ya kai 1620, wani ɗalibi kuma yana 1500. Muna lissafa wa tela. Cire makinsa daga na ɗalibi, ka samu -120. Raba da 400, ka samu -0.3. Goma a ɗaga ta zuwa -0.3 tana ba da 0.501. Ƙara 1, ya zama 1.501. Raba 1 da wannan, ka samu 0.666. Ma'ana, in suka buga sau uku, ana sa ran tela ya ci biyu. Rabon ɗalibi ba sai ka sake wahala ba, abin da ya rage ne daga 1, wato 0.334.

In babu waya a kusa, haddace waɗannan kaɗan ya isa a yi kirdado. Maki daidai, 0.50. Tazarar 50, wanda ke sama yana da 0.57. Tazarar 100, 0.64. Tazarar 200, 0.76. Tazarar 400, 0.91, wato ci goma cikin wasa goma sha ɗaya. Aikin lambar 400 ɗin nan ke nan a cikin lissafin: ita ce tazarar da ke nufin wannan ya fi wancan damar ci ninki goma.

Mataki na biyu: me ya faru, kuma nawa za a motsa?

Bayan an tashi, sakamako shi ma lamba ne da muke kira S. Ci 1 ne, faɗuwa 0, canjaras 0.5. Sabon maki yana fitowa haka:

```
Sabon R = R + K * (S - E)
```

Abin da ke cikin baka shi ne mamakin da wasan ya bayar: abin da ya faru, a cire abin da aka zata. K kuma ita ce ma'aunin da ke cewa wannan mamaki maki nawa ya kai. Mu fara gwadawa da K ta 32.

In tela ya ci, S ɗinsa 1 ne. Cire 0.666, saura 0.334, sau 32 ya ba da 10.7. Tela ya koma wajen 1631, ɗalibi ya sauka 1489. Abin da aka zata ne ya faru, shi ya sa motsin bai da yawa.

In kuwa ɗalibi ya ci, nasa lissafin 1 ne a cire 0.334, saura 0.666, sau 32 ya ba da 21.3. Ɗalibi ya hau 1521, tela ya dawo 1599. Ka ga cin babba ya ninka cin ƙarami, amsar tambayar Baba tela ke nan.

Canjaras ne yake ba mutane mamaki. Tela ya samu 0.5 alhali an sa masa ran 0.666, sai ya rasa 5.3, ɗalibi ya ƙaru da 5.3. Ba a ci shi ba amma ya sauka. Ka bayyana wa mutane wannan tun kafin ya faru, don ranar da ya faru ba bayani za su saurara ba.

Mai amfani da Excel ko Google Sheets a waya zai iya sa makin ɗan wasa na farko a B, na biyu a C, sakamakon na farko a D, K kuma a H1. Layin farko a rubuta shi a E2, na biyu a F2, na uku a G2:

```
=1/(1+10^((C2-B2)/400))
=B2+$H$1*(D2-E2)
=C2-$H$1*(D2-E2)
```

Ga kuskuren da na yi da hannuna, kuma ina so ka kauce masa. A makonnin farko nakan lissafa wa wanda ya ci, in rubuta sabon makinsa, sannan in ɗauki wannan sabon makin in lissafa wa wanda aka ci. A misalin da ke sama, tela zai rasa 20.4 maimakon 21.3, tunda ɗalibi ya riga ya hau, tazarar ta ragu. Kusan maki ɗaya ya faɗo daga sama ba tare da an cire wa kowa ba. A wasa ɗaya ba komai ba ne, amma a zango irin namu mai wasa 132, inda kowa ke karawa da kowa sau biyu, zai iya haura maki 70. Jimillar nan ta bangon littafi ce ta tona mini: na tara makin kowa na ga ya wuce 18,000. Ƙa'idar ita ce dukkan lissafin biyu da makin kafin wasa ake yin su, kuma in K ɗaya ce, abin da wannan ya samu shi ne daidai abin da wancan ya rasa. Ka riƙa tara jimillar duk ƙarshen mako. Sannan ka ajiye lamba ɗaya bayan ɗigo a littafinka, sai wajen sanarwa ka cike ta.

K: inda hankali yake shigowa

Duk abin da ya gabata lissafi ne da ba ya canzawa. K kuwa ku ne za ku zaɓa, kuma ita ce iyakar makin da wasa ɗaya zai iya ƙara wa mutum ko rage masa. In maki ya zo daidai, wanda ya ci yana samun rabin K.

Mutane kan kwaso K daga FIDE kai tsaye. Can sabon ɗan wasa yana kan 40 har ya cika wasa 30, daga nan ya koma 20, wanda ya taɓa kai maki 2400 kuma a sa shi kan 10. Wasu sukan ga 10 ɗin nan ta manya ce su ce ita ta fi daraja. Amma wanda aka sa wa 10 ya riga ya buga ɗaruruwan wasanni, an san ƙarfinsa, ana so ne kada wasa ɗaya ya girgiza makinsa. Majalisar da ta fara jiya ba ta san ƙarfin kowa ba tukuna.

Abu biyu K take ja, kuma ba su tafiya tare. Na farko sauri, na biyu nutsuwa.

Mu fara da sauri. A ce wani gwani ya shigo, an ba shi 1500 kamar kowa, alhali ainihin ƙarfinsa 1700 ne, yana cin kusan wasa uku cikin huɗu in ya kara da 'yan 1500. Wasa nawa zai buga kafin makinsa ya ci rabin hanya, ya kai 1600? In ka bi lissafin wasa bayan wasa, amsar tana kusa da 560 a raba da K. Da K ta 10, wasa 56. Da 16, wasa 35. Da 24, wasa 23. Da 32, kimanin 17. Da 40, wasa 14. Rabin hanya ke nan fa, sauran rabin ya fi jan lokaci, domin yana hawa ana ƙara sa masa ran ci, kowane ci kuma yana ƙara araha. Kafin ya kai 1650 sai ya ninka wancan adadin.

Yanzu ka ɗora wannan a kan gasarmu. Mu 12 ne, kowa ya kara da kowa sau biyu, wasa 22 ke nan ga mutum ɗaya a zango. Da K ta 10, gwanin nan zai gama zango biyu cur bai kai ko 1600 ba. Kuma ba shi kaɗai aka zalunta ba. Duk wanda gwanin ya ci, littafi yana hukunta shi kamar ɗan 1500 ne ya kayar da shi, ya kwashe masa maki fiye da yadda ya kamata.

To me zai hana a sa K ta yi girma sosai? Nan nutsuwa ta shigo. Ko da makin mutum ya zo daidai da ƙarfinsa, ba zai tsaya cak ba. Yau ya ci, gobe a ci shi, wani lokaci a ci shi sau huɗu a jere ba don ya manta dara ba, haka wasa ya gada. Makin zai riƙa lilo a kewayen gaskiya. Ga wanda yake karawa da sa'anninsa, faɗin lilon da aka saba gani yana kusa da maki 30 sama ko ƙasa in K 10 ce, 37 in 16 ce, 46 in 24 ce, 53 in 32 ce, da kusan 60 in 40 ce. Wani lokaci ma yakan kai ninkin haka.

Duba jerin nan biyu gefe da gefe, domin a nan hukuncin yake. In ka ninka K sau huɗu, daga 10 zuwa 40, jiran ya ragu daga wasa 56 zuwa 14, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Lilon kuwa sau biyu kawai ya ninku, daga 30 zuwa 60. Sauri yana zuwa da araha. Shi ya sa a ganina ƙaramar gasa mai wasanni kaɗan ta fi cutuwa da K ƙarama fiye da K babba.

Ga yadda nake zaɓa. Ƙirga wasan da mutum ɗaya yake bugawa a zango, ka raba 560 da shi. A wurinmu 560 a raba 22 ya ba da kusan 25, sai muka tsaya kan 24. Manufar ita ce in ƙarfin mutum ya canza sosai, littafi ya biyo shi aƙalla rabin hanya cikin zango ɗaya. In kuna buga wasa 35 a zango, 16 ta ishe ku. In wasa 10 kawai kuke yi, lissafin zai nuna 56, amma ni ba zan wuce 40 ba, saboda daga nan sa'ar makon jiya ce za ta riƙa jera mutane. Sai ka ƙara duba su wa ke wasan. Matasa masu koyo ƙarfinsu yana canzawa cikin watanni, a ɗan ɗaga musu. Dattawan da suka shekara talatin suna dara ba sa canzawa haka, a ɗan sassauta.

Zangon farko daban yake. Kowa sabo ne, kowa 1500, tela da ɗalibi duk ɗaya a littafi alhali ba ɗaya ba ne a gurbi. Ku sa kowa a kan 40 har zangon ya ƙare, sannan ku sauko 24 gaba ɗaya. Wanda ya shigo daga baya a ba shi 40 a wasanninsa 20 na farko.

Sai dai wannan na ƙarshe yana da farashi. In ɗalibi sabo ne mai K ta 40, tela kuma yana kan 24, ɗalibi ya ci, shi zai samu 26.6, tela ya rasa 16 kawai. Maki kusan 11 sun ƙaru a cikin gasar. Wannan ba kuskure ba ne, amma zai ɓata maka binciken jimilla in ba ka rubuta shi ba. Ka ware shafi ɗaya a bayan littafi, duk wasan da K ta bambanta ka rubuta rarar ko giɓin, haka ma 1500 na duk wanda ya shigo da makin duk wanda ya daina zuwa.

Yadda za ka gane K ɗinka ta yi ko ba ta yi ba

Bayan zango ɗaya ko biyu littafinku ne zai ba ku amsa, ba ra'ayin kowa ba. Hanya mafi sauƙi: tsamo duk wasannin da aka sa wa na sama ran ci tsakanin 0.60 da 0.70. Ƙirga nawa suka ci. Ya kamata ya zo kusa da biyu cikin uku. In suna cin takwas ko tara cikin goma, makin ya cunkushe wuri ɗaya, gwanaye ba su samu sun yi nisa ba, K ta yi kaɗan ko kuma wasannin ba su yi yawa ba tukuna. In kuwa da ƙyar suke cin rabi, tazarar da littafi ke nunawa ba ta gaskiya ba ce, lilo ne, K ta yi yawa. Wata alamar da ido ke gani: in wanda ke kan gaba yana canzawa kusan kowane mako, K ta yi yawa. In kowa a majalisa ya san wane ya fi wane amma littafi ya ƙi yarda har wata uku, ta yi kaɗan.

Mai Excel yana da hanyar da ta fi wannan kaifi. A kowane wasa cire E daga S, ka ninka abin da ya fito da kansa. In an sa wa tela 0.666 ya ci, kuskuren 0.11 ne. In aka ci shi, 0.44. Tara na dukkan wasanni ka raba da yawansu. Wanda ya ce kowane wasa rabi da rabi ne, a gasar da babu canjaras, 0.25 zai samu, saboda haka duk abin da bai sauka ƙasa da 0.25 ba bai san komai ba. Sai ka canza lambar da ke H1 zuwa 16, 24, 32, 40, ka ga wacce ta ba da mafi ƙanƙanta. Wannan zai yi aiki ne kawai in makin da ke B da C ana janyo su daga layukan baya, ba da hannu aka buga su ba. Ka bar wasannin makonnin farko a waje da ƙirgar, lokacin kowa yana 1500. Kuma da wasa ɗari da 'yan kai, in 24 da 32 suka zo kusa da juna, kada ka ɗaga hankalinka, ɗauki ko wacce. Gwajin zai iya nuna maka cewa 10 ta yi kaɗan ko 60 ta yi yawa, ba zai raba maka 24 da 26 ba.

Duk abin da kuka zaɓa, a sanar da shi kafin zango ya fara, kada a taɓa shi sai ya ƙare. Canza K a tsakiya, ko da da kyakkyawar niyya, za a ce don wani aka yi.

Abubuwan da K ba za ta gyara ba

Wanda bai zo ba aka ba abokin karawarsa nasara, a rubuta masa a teburin gasa amma kada a taɓa Elo, don ba a buga komai ba. Abokai biyu da ke zama su buga da juna sau goma a rana, a ƙayyade cewa wasannin jadawali kaɗai ake lissafawa. Wanda ya hau sama ya fara ƙin zama a gurbi don kada a rage masa, a sa ƙa'idar cewa sai mai wasa aƙalla 15 a zango zai fito a jerin ƙarshe. Hutun azumi ko na tsananin zafin watan Afrilu ba ya buƙatar a sake komai, kowa ya dawo da makinsa.

Makinku na cikin gida ne. Ɗan 1650 a Mabera ba lallai ya fi ɗan 1550 na Arkilla ko Runjin Sambo ba, tunda kowace majalisa da kanta take auna kanta, sai in sun fara karawa da juna a littafi ɗaya. Masu ƙwallon ƙafa kuma, in kowace ƙungiya da filinta, sukan ƙara wa mai gida wasu maki wajen fitar da E kawai, ba a makinsa na littafi ba.

Sai batun kyauta. Da K ta 24 lilon ya kai maki 46, saboda haka wanda ya gama da 1612 da wanda ya gama da 1590 littafi bai raba su ba. Mu a wurinmu, in tazarar na ɗaya da na biyu ba ta kai 50 ba a ƙarshen zango, ba ma miƙa kyauta da lissafi. A share gurabe talatin ɗin nan, kowa ya ɗebi 'ya'yansa goma sha biyu, su buga sau biyar a gaban jama'a, wanda ya fara cin uku ya ɗauka, wasannin kuma a shigar da su littafi kamar sauran.